Me Ya Sa Falke Ke Kare Cinikin Da Zuciyarsa Ba Ta Yarda Da Shi Ba?

A wannan fitowa za mu taɓo wani hali da kowa ya sani a jikin ɗan'uwansa, amma da wuya ya gan shi a jikin kansa. Ku zauna a majalisarmu ta yamma, a Tsinga ko cikin unguwar Briqueterie a nan Yawunde, za ku ji wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen yabon shanun da ya sayo. Sau da yawa shi ne wanda bai yi barci ba daren jiya saboda su.

Bari mu kawo misali, da lissafi na misali. Alhaji Wane ya je kasuwar Ngawi ya ga bijimai gudali 20. Ƙanensa ya ja shi gefe ya ce, "Yaya, kuɗin nan ya yi yawa, Yawunde ta cika da kaya." Alhaji ya ce, "Kai yaro ne, tun ba a haife ka ba nake wannan hanya." Ya saya a gaban jama'a, kowane ɗaya sefa 400,000. Mota da takardu da abincin hanya suka ci 40,000 a kan kowane sa, wato kowanne ya tsaya masa a 440,000.

Da aka sauke su a Yawunde, mahauta suka taya 425,000. Alhaji ya ce albarka. Da ya sallama a ranar, faɗuwarsa 15,000 ce a kowane sa, jimla 300,000. Sai ya riƙe su kwana 10, kullum ciyawa da ruwa da mai tsaro suna cin 2,000 a kan kowane kai. Tozo ya fara kwanciya, haƙarƙari ya fara fitowa. Daga ƙarshe ya sayar a 400,000, alhali yanzu kowanne ya tsaya masa a 460,000. Faɗuwar ta zama 1,200,000, ninki huɗu na ta farko.

To, shin Alhaji bai iya lissafi ba ne? Ya iya, ya ma fi mu. Abin da ya same shi wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Leon Festinger, ya yi bayaninsa a littafin da ya fitar a 1957. Mu kira shi ja-in-jar zuci. Wato mutum ya riƙe abu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya. Na farko: "Ni gwani ne, idona ba ya kuskuren sa." Na biyu: "Na yi sayen tsada." Haɗuwarsu tana sa ƙunci, kamar tsakuwa a cikin takalmi, kuma dole mutum ya nemi sauƙi.

Hanyar sauƙin biyu ce. Ko dai ya ce na yi kuskure, ko kuwa ya gyara labarin har kuskuren ya ɓace. Ta farkon tana da ɗaci, ta biyun kuwa nan take take sanyaya rai. Shi ya sa a rana ta biyu Alhaji ya ce mahauta sun haɗa baki. A ta biyar ya ce irin shanunsa sai masu ido. A ta takwas ya ce dillali ne ba ya ƙoƙari. Ku lura, ba ƙarya yake shirya wa mutane ba. Kansa ya fara gaya wa, ya kuma yarda.

An gwada wannan abu. A 1956 wani mai bincike, Jack Brehm, ya sa wasu mata suka ba kayan amfanin gida maki gwargwadon yadda suke son kowanne. Sannan ya ce kowace ta zaɓi ɗaya cikin biyu ta tafi da shi. Da aka ce su sake ba da maki, sai wanda suka zaɓa ya ƙara daraja a idonsu, wanda suka bari ya ragu. Kayan ba su canja ba, zaɓin ne ya canja ido. Haka muke yi. Kafin a tafa, kana ganin aibun sa. Da an tafa, sai ka ga ba kamarsa a kara, wanda ka bari kuma ka ce ai dama ɗingishi yake yi.

Amma ciwon ba ya kama kowa daidai. Ya fi tsanani in abu uku sun haɗu: kai ka zaɓa da kanka ba wanda ya tilasta maka, ka faɗa a gaban mutane, kuma abin ba ya warwaruwa. A 1959 Festinger da James Carlsmith sun sa ɗalibai wani aiki mai gundura, sannan suka biya su don su gaya wa na baya cewa aikin da daɗi. Wasu an ba su dalar Amurka 20, wasu dala 1 kacal. Da aka tambaye su daga baya, masu dala 1 ne suka fi cewa lallai aikin ya yi musu daɗi. Mai dala 20 yana da hujja, don kuɗi ya faɗa. Mai dala 1 ba shi da ita, sai ya lallashi zuciyarsa ta yarda da bakinsa.

Wannan ne ya sa yaron da aka aika ya sayo bisa umarnin maigida zai ce maka kai tsaye, "Wallahi mun yi tsada." Ba shi ya zaɓa ba, ba abin da zai kare. Alhaji kuwa shi ya zaɓa, kuma ya gwasale ƙanensa a bainar jama'a. Magana zarar bunu ce. Sallamawa a 425,000 tamkar ce wa yaron ne, "Ka fi ni gaskiya."

Kada a fahimce mu a baibai. Ba duk mai riƙe kaya ne ke ruɗin kansa ba. Wani yana riƙewa don ƙarshen wata ya kusa, ma'aikata za su ɗauki albashi nama ya tashi, ko don ya sami labari tabbatacce cewa kaya ba sa tahowa daga Adamawa. Wannan dabara ce. To, yaya za a bambance?

Tambayi kanka: hujjar nan da nake bayarwa, ina da ita kafin in saya, ko bayan an yi mini tayin ƙasa ta zo? Hujjar gaskiya tana zama ɗaya, kuma tana da rana. Ta kare kai kullum sabuwa ce. Sannan duba zuciyarka. In wani ya kawo maka farashin yau ka ji haushinsa, ko ka fara kauce wa majalisar da za a faɗi abin da ba ka so, to ba shanun kake tsaro ba, sunanka kake tsaro.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi. Ka ɗauka kuɗi ne a hannunka ba shanu ba. Za ka sayi waɗannan bijimai yau a 425,000 don ka ajiye su kwana 10 a Yawunde? In amsar a'a ce, to riƙe su da saye su duk ɗaya ne. Kuɗin da ka biya a Ngawi ya riga ya tafi, kasuwar yau ba ta san da shi ba.

Maganin ya fi ci kafin ciwo. Tun kafin a yi lodi, ka rubuta a littafinka farashin da za ka sallama da iyakar kwanakin da za ka jira, ka kuma gaya wa amininka ɗaya. Ta haka, ranar da ka sallama cika magana ka yi, ba lashe amai ba.

Mu kuma masu ba da shawara, mu gyara baki. "Ai na gaya maka" ba ta taɓa sa wani ya sayar ba, sai dai ta ƙara masa kwana a kara. Ka same shi shi kaɗai, ka ce, "Alhaji, da labarin da kake da shi a ranar, ko ni zan iya saye, amma kasuwa ta juya." Ka buɗe masa ƙofar fita da mutuncinsa. Wanda ya tsira da uwar kuɗinsa, gobe ma yana kara.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai kayanmu lafiya, amin.