Wace Waya Ce Ta Na'urarka? Yadda Ake Gane Bakin Wayar Wuta

Yawancin kwamfutoci da allunansu da na'urorin wasa da ke shigowa kasuwanninmu a matsayin gwanjo ba sa zuwa da wayar wutarsu ta asali. Mai shago sai ya zura hannu cikin kwali, ya zaro wadda ta shiga, ya miƙa maka. Sau da yawa hakan kan yi daidai, domin bakunan waɗannan wayoyi ba kowane kamfani ne ke ƙirƙirar nasa ba. Akwai ƙa'ida ta duniya da ta tsara su, mai lamba IEC 60320. Amma shigar waya cikin rami ba ita ce shaidar cewa ta dace ba, kuma a nan ne ake samun matsala.

Ka fara da duba bayan na'urar, ba wayar ba. Iri uku ne za ka fi gani.

Na farko shi ne babba, mai siffar akwati da aka sare kusurwoyinsa biyu, da ƙarafa uku shafaffu a ciki. Shi ne na kwamfutar tebur, da yawancin alluna, da firintoci. Lambar bakin wayar C13, ta ramin da ke jikin na'ura kuma C14. Haka tsarin yake tafiya: mara tana jikin waya, cika tana jikin na'ura. Yana ɗaukar ampiya 10, wato a wutar bolt 230 irin ta Najeriya kimanin wat 2,300. Ƙarfen tsakiya, wanda ya ɗan fi sauran tsawo, na wayar ƙasa ne, wadda ke kwashe wuta idan ta ɓalle ta taɓa gangar jikin na'ura.

Na biyu ƙarami ne mai rami biyu da suka haɗu kamar lamba 8. Masu tsohuwar rediyo mai kaset sun san shi. Lambarsa C7, raminsa C8. Shi ne a jikin PS4 na farko da Slim, da PS5, da Xbox Series X da Series S. Ampiya 2.5 yake ɗauka, kimanin wat 575, kuma ba shi da wayar ƙasa sam. Ba rowa aka yi ba: na'urorin da ke amfani da shi an killace wutarsu ninki biyu daga ciki, kuma sau da yawa za ka ga alamar hakan a takardar da ke manne a jikinsu, ƙaramin murabba'i a cikin babba.

Na uku zagaye uku ne a manne kamar duwatsun murhu. Lambarsa C5, raminsa C6, kuma a cajar laftof aka fi ganinsa, sai wasu majigi da wasu alluna. Ƙarfinsa ɗaya da mai siffar 8, ampiya 2.5, bambancin kawai shi ne zagaye na uku, na wayar ƙasa.

Wannan kamanni shi ya haifar da wata dabara da ya kamata a daina. Idan wayar cajar laftof ta ɓata, wasu kan ɗauki mai siffar 8 su tura ta cikin rami biyu na C6, wani lokaci har da feƙe robar da reza. Caja za ta kawo wuta, laftof zai yi caji, amma ƙarfe na uku ya zauna haka nan babu abin da ya taɓa shi. Wanda ya ƙera cajar ya sa ƙarfen ne don yana buƙatarsa. Alamar da aka fi ji ita ce ɗan zirr a yatsa idan an shafa laftof mai jikin ƙarfe, ko ƙugi a lasifika. Baya ga haka bakin ba ya kamawa sosai, kuma inda haɗi ya yi sako-sako nan ne tartsatsi da zafi ke farawa.

Akwai kuma wani ɗan'uwan C13 da ke rikita mutane. Ana yawan kiran C13 wayar butar lantarki, alhali an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. Wadda aka yi don abubuwa masu zafi ita ce C15, mai jure digiri 120, kuma ana gane ta da wata tsaga a gefen da ke kallon ramin wayar ƙasa. C15 tana shiga kwamfuta lafiya lau. C13 kuwa ba za ta shiga ramin C16 ba, saboda an sa wani ɗan tudu da zai tare ta. Idan ka ji waya ta ƙi shiga, to da gangan aka yi, kada ka yanke tudun.

Bari mu ɗauki misalin mai shagon buga takardu da ya sayi kwamfutar tebur ta gwanjo, aka haɗa masa da waya C13 sabuwa fil, mai arha. Kwamfuta tana aiki, sai dai duk wanda ya taɓa bayanta ba takalmi sai ta ɗan ja shi. Kafin a zargi kwamfutar, wayar za a fara bincika, bayan an cire ta daga bango da kuma na'ura. A karanta rubutun da ke jikin robar. Waya ta gari kan ɗauki rubutu irin `H05VV-F 3G0.75`, ma'ana zare uku ne a ciki har da na ƙasa, kowanne kaurinsa murabba'in milimita 0.75. Idan babu rubutu ko kaɗan, wannan kansa abin tuhuma ne, ko da yake na jabu ma sun iya buga rubutu. Don haka sai a kawo mitar gwaji, a sa ta a wurin da take ƙara idan wuta na iya ratsawa. Tsinke ɗaya a kan dogon ƙarfen filogi, ɗayan a cikin ramin tsakiya na C13. Idan ta yi ƙara, wayar ƙasa tana nan, sai a koma kan soket ɗin shagon, domin gine-gine da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba tun farko, kuma wannan aikin mai gyaran wuta ne. Idan ta yi shiru, to zare biyu ne kawai a ciki, ko na ukun ya tsinke, ramin na uku ado ne.

Wata cutar wayoyi masu arha ita ce zaren ciki. Maimakon jan ƙarfe zalla, sai a sa alminiyam ko baƙin ƙarfe a shafe shi da ja, a kuma cika roba don ta yi kauri a ido. Irin wannan ba za ta nuna halinta a kan allo mai cin wat 30 ba. Ranar da aka mayar da ita kan firinta mai aiki da zafi ko babbar kwamfutar wasa, sai ta fara ɗumi. Ka taɓa wayar da bakinta bayan na'ura ta yi aiki na wani lokaci. Idan da zafi, ko robar bakin ta canza launi, ko kana jin ƙauri, aikinta ya ƙare. Idan kuma mayen ƙarfe ya kama tsakiyar wayar, baƙin ƙarfe ne a ciki, domin jan ƙarfe ba ya kama shi.

Ɗaya ƙarshen wayar, na bango, shi ne ke bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya da Gana filogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila aka fi amfani da shi, kuma yana da fis a cikinsa, a Nijar kuwa mai ƙafa zagaye irin na Faransa ya fi yawa. Fis ɗin yana kare wayar ne, saboda haka mai siffar 8 da ta cajar laftof ƙaramin fis na ampiya 3 ko 5 ya dace da su, ba na 13 ba. Idan na'ura ta zo da filogin Amurka mai siraran ƙafafu, ya fi sauƙi da aminci a sauya wayar gaba ɗaya da a yi ta jera adafta. Sai dai ka tuna waya ba ta sauya ƙarfin wuta. Ka duba jikin na'urar: idan an rubuta `100-240V` babu damuwa, idan `120V` kaɗai aka rubuta tana buƙatar taransifoma, wasu tsofaffin kwamfutocin tebur kuma suna da ɗan jan makunni a baya da dole ya kasance a kan 230.

In za ka kasuwa, ka ɗauki hoton ramin na'urarka da takardar da ke jikinta, kuma ka sa mai shago ya gwada maka wayar ƙasa da mita kafin ka biya.