Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta na'urar ESP

A ɗauka wani mai gonar kaji a bayan gari ya sa an haɗa masa ƙaramar na'ura a gindin tankin ruwa. Aikinta shi ne ta auna ruwan da ke cikin tanki, ta kunna famfo idan ya yi ƙasa, ta kashe idan ya cika, sannan ta aika rahoto zuwa wayarsa. Ƙwaƙwalwar irin wannan na'ura sau da yawa ESP32 ce, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016, bayan yayarta ESP8266 da ta fito a 2014. Su ne ke cikin da yawa daga soket da ƙwan lantarki masu arha da ake kunnawa daga waya.

Wata rana wanda ya haɗa na'urar ya gano gyaran da take buƙata. Maimakon ya hau babur ya je gona ya buɗe akwati, sai ya tura mata sabuwar manhaja ta intanet yana zaune a shagonsa. Wannan shi ne abin da masu sana'ar ke kira OTA, wato sabuntawa ta iska ba tare da an jona waya ba. Ana cikin turawa, an kai kashi 60 cikin ɗari, sai wuta ta ɗauke a gona. Duk wanda ya san halin lantarki a ƙasashenmu ya san wannan ba tatsuniya ba ce. To, na'urar ta mutu ke nan?

A ESP32 da aka tsara yadda ya kamata, ba ta mutu ba. Dalilin yana cikin yadda aka raba ma'ajiyarta. Yawancin allunan da ake sayarwa suna da ma'ajiya mai megabait 4, kuma an yanka ta kashi-kashi. A tsarin da Arduino ke bayarwa idan ba a canja komai ba, akwai wurare biyu na ajiye manhaja, `ota_0` da `ota_1`, kowanne yana ɗaukar megabait ɗaya da kwata. Kamar mai gida ne da ke da ɗakuna biyu: yana kwana a ɗaya yayin da ake gyaran ɗayan, kuma ba ya kwashe shimfiɗarsa sai gyara ya kammala. Na'urar tana ci gaba da aiki da tsohuwar manhaja daga `ota_0`, sabuwar kuma tana sauka kaɗan-kaɗan a `ota_1`.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin wuri mai suna `otadata`, kilobait 8 kacal, inda ake rubuta wace manhaja za a tayar. Duk lokacin da na'urar ta kunnu, wata ƙaramar manhaja da ake kira `bootloader` ce ke fara tashi, ta duba wannan rubutu, sannan ta miƙa ragama ga wadda aka ambata. Ba a taɓa `otadata` sai fayil ya gama sauka gaba ɗaya, an kuma tantance shi da lissafin SHA-256 da ke liƙe a ƙarshensa, wanda ke nuna ko wani abu ya ɓace ko ya gurɓace a hanya. Shi kansa wurin an raba shi gida biyu, ana rubuta ɗaya a bar ɗaya, don ko da wuta ta ɗauke a daidai lokacin rubutun, tsohon bayani yana nan.

Saboda haka da wuta ta dawo a gonar, na'urar za ta tashi da tsohuwar manhajarta, famfo ya ci gaba da aiki. Guntun fayil ɗin da ya sauka yana kwance a `ota_1` ba mai kula shi, kuma za a goge shi idan aka sake turawa. Haka abin yake idan intanet ce ta yanke. Magani kawai a sake gwadawa. Idan kuma yankewar tana maimaituwa a kowane gwaji, a duba wutar da ke shiga allon. Sauke fayil da rubutu a ma'ajiya suna jan wuta fiye da aikin yau da kullum, kuma cajar da ba ta da ƙarfi ko siririyar wayar USB kan sa na'urar ta sake tashi da kanta, ta rubuta `Brownout detector was triggered`. Wannan saƙo yana nufin ƙarfin wuta ya faɗi, ba manhaja ce ta lalace ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wani rabin hanyar na daban, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba. Fayil ya sauka lafiya, lissafi ya yi daidai, an canja `otadata`, na'ura ta sake tashi da sabuwar manhaja, amma manhajar tana da kuskure. Wataƙila tana faɗuwa daƙiƙa biyu bayan tashi, ta sake tashi, ta sake faɗuwa. Wataƙila kuma tana tashi sumul, sai dai an yi kuskure a sashen da ke haɗa ta da intanet. SHA-256 ba ya ganin wannan, domin aikinsa tabbatar da cewa abin da aka aiko shi ne ya iso, ba cewa abin yana da kyau ba. Yanzu na'urar ba ta jin kira, kuma hanyar da za a bi a aika mata gyara ita ce ta toshe. Tsohuwar manhaja mai lafiya tana nan a `ota_0`, amma ba wanda ya gaya wa `bootloader` ya koma gare ta.

Espressif ta tanadi mafita a cikin ESP-IDF, kayan aikinta na rubuta manhaja, amma sai an kunna ta da zaɓin `CONFIG_BOOTLOADER_APP_ROLLBACK_ENABLE`. Idan an kunna, sabuwar manhaja tana samun damar tashi sau ɗaya tak a matsayin gwaji. Dole ne ta tabbatar da lafiyarta da kanta kafin na'urar ta sake tashi. Idan ta faɗi kafin ta yi hakan, `bootloader` zai ɗauke ta a matsayin wadda ta gaza, ya koma wa tsohuwar. Tabbatarwar layi ɗaya ce:

```c
esp_ota_mark_app_valid_cancel_rollback();
```

Duk hikimar tana wajen inda aka ajiye wannan layi. Wanda ya sa shi a farkon manhaja ya ɓata tanadin, domin manhajar za ta wanke kanta tun ba ta yi aikin komai ba. A na'urar tankin nan, ya kamata ta fara haɗuwa da intanet, ta kai ga uwar garken da ake sauke sabuntawa daga gare ta, ta karanta ma'aunin ruwa ta ga adadin yana da ma'ana, sannan ta tabbatar da kanta. A ganina sharaɗi na biyu shi ne ba a sassauci a kansa: manhajar da ba za ta iya karɓar gyara na gaba ba, ba ta cancanci zama ba, ko da sauran aikinta yana tafiya.

Akwai wani gibi kuma. Komawa baya tana faruwa ne kawai idan na'urar ta sake tashi. Manhajar da ta tashi ta zauna tana neman intanet ba ta samu ba, ba ta faɗi ba, don haka za ta iya kwana a haka. Sai a sa mata wa'adi, misali minti biyu ko uku. Idan wa'adin ya cika sharuɗɗa ba su cika ba, ta kira `esp_ota_mark_app_invalid_rollback_and_reboot()`, wanda ke soke ta ya mayar da na'urar ga tsohuwar manhaja nan take.

Idan ba a yi wannan tanadi ba tun farko, babu makawa sai an je gona da kwamfuta da wayar USB. Abin da ke kwantar da hankali shi ne a cikin ƙwaƙwalwar ESP akwai wata manhajar karɓar gyara da aka dasa tun daga masana'anta, wadda ba ta goguwa, don haka mummunar sabuntawa ba ta kashe na'ura har abada. Kafin komai a cire na'urar daga wutar gida ko ta inbata, musamman mai kunna famfo, domin jona ta da kwamfuta tana kan babbar wuta yana iya kashe mutum. Idan allon ba shi da ramin USB sai an yi amfani da adafta, a tabbatar ta bolt 3.3 ce, don ƙafafun ESP ba su jure bolt 5.

Daga nan a buɗe tagar karanta saƙonnin na'urar a gudun 115200 a ga abin da take faɗa. Idan ana ganin `Guru Meditation Error` yana maimaituwa, manhajar ce ke faɗuwa. Idan kuwa `invalid header: 0xffffffff` ke ta fitowa, ƙwaƙwalwar ta duba inda ya kamata ta sami abin tayarwa ta tarar da wurin a goge. Don shigar da ita yanayin karɓar gyara, a danne maɓallin `BOOT`, a taɓa `EN` a saki, sannan a saki `BOOT`. Za ta rubuta `waiting for download`.

A misalinmu manhaja mai lafiya tana `ota_0`, don haka ba sai an rubuta sabon abu ba. Goge `otadata` kaɗai ya isa, domin idan `bootloader` ya tarar da shi babu komai, yakan koma wa manhajar masana'anta idan akwai, in babu ya ɗauki `ota_0`:

```
esptool.py --port COM3 erase_region 0xe000 0x2000
```

Adireshin `0xe000` na tsarin Arduino ne. A tsarin OTA na ESP-IDF wurin yana `0xd000`, saboda haka a duba teburin rabon ma'ajiyar kafin a goge, kuma a sa sunan tashar da kwamfutar ta nuna a madadin `COM3`. Idan sabuntawa ta biyu ce ta lalace, wato mummunar manhajar ce ke `ota_0`, sai a rubuta fayil mai kyau a kanta:

```
esptool.py --port COM3 write_flash 0x10000 firmware.bin
```

A nan ne masu gyara da yawa ke ruɗewa. Mutum zai rubuta fayil mai kyau a `0x10000`, na'ura ta tashi da matsalarta kamar ba a yi komai ba, saboda `otadata` yana nuna `ota_1` har yanzu. Duk lokacin da aka rubuta manhaja da hannu, a haɗa da goge shi. Umarnin `erase_flash` kuwa a bar shi sai an rasa yadda za a yi, domin yana share komai har da kalmar sirrin intanet da saitin ma'aunin tanki, kuma bayansa sai an sake rubuta `bootloader` da teburin rabo.

Duk wannan kariya ta ESP32 ce. ESP8266 da aka rubuta wa manhaja da Arduino tana bin wata hanya: tana sauke sabon fayil a filin da ya rage a ma'ajiya, sannan idan ta sake tashi ta kwafe shi a kan tsohon. Yankewa lokacin saukewa ba ta cutar da ita, amma a 'yan daƙiƙun kwafewar tsohuwar ta fara goguwa, sabuwar ba ta gama zama ba. Idan wuta ta ɗauke a nan, sai waya da kwamfuta. Wanda ke da irin wannan a gona ya sa mata batir ko ƙaramin abin ajiyar caji kafin ya tura sabuntawa, ya kuma zaɓi ranar da akwai wanda zai iya isa wurin akwatin.