Kwali 12 tsakanin Guangzhou da Gusau

Wani matashi mai shagon takalman yara a Gusau ya saba yin sari a Ƙofar Wambai ta Kano. Da jarinsa ya ɗan yi kauri, sai ya yi odar kwali 12 daga Guangzhou saboda cinikin ƙaramar Sallah. Ya biya kuɗi, mai kaya ya turo saƙon WhatsApp cewa an tura, haɗe da wata doguwar lamba. Daga ranar ya fara lissafin mako shida. Mako bakwai suka wuce shiru, kantar shago sai ƙara yin fayau take.

Ya garzaya wurin tsohon ubangidansa. "Alhaji, anya ba a cinye min kuɗi ba?"

"Yaro, kwantar da hankalinka. Lambar me aka ba ka?"

Ashe lambar motar da ta ɗauki kayan ce daga masana'anta zuwa sito na ejan, duk a cikin ƙasar Sin. Kwali 12 ba ya cika kwantena, don haka ejan yakan ajiye shi har kayan wasu 'yan kasuwa su taru a yi lodi ɗaya. A nan kwanakinsa suka salwanta, jirgi bai ma san da kayansa ba. Ina ganin wannan ne babban ramin da sababbin masu oda ke faɗawa, domin mai kaya bai yi ƙarya ba, hannunsa kawai kayan suka bari.

Alhaji ya sa ya nemi hoton kwalayen ɗauke da alamar sunansa, da lambar kwantena. Ita tana da kama ɗaya ko'ina: haruffa huɗu, sai alƙaluma bakwai. Da ya saka ta a shafin kamfanin jirgin, sai ga tafiyar a jere. Gate in na nufin kwantena ta shiga tashar jiragen ruwa. Loaded, ta hau jirgi, kuma daga nan ne ya kamata a fara ƙirga kwanaki.

Da ya ga Discharged har ya fara murna, sai Alhaji ya ce ya duba sunan garin da ke gefe. Lome ce. An sauke ta ne tana jiran wani jirgin da zai kai ta Legas. Ranar da ke gaban ETA kuwa hasashen isar jirgi Apapa ne, kuma tana iya matsawa. Bayanta akwai kwastam, da fitarwa daga tasha, da tirela zuwa Kano, tafiyar wajen kilomita 1,000, sannan a raba wa kowa nasa.

Da ya haɗa lissafin, ya gane kayan ba za su riski Sallah ba. Ya daina yi wa ejan waya yana faɗa, ya koma tambaya ɗaya a rubuce duk mako: an fita daga kwastam? Sannan ya karɓi kwali uku bashi a Ƙofar Wambai, ya shaida wa masu jiran sabon yayi su dawo bayan Sallah.