Fomat iri biyu ne, amma ɗaya kaɗai ke gogewa

Idan ka jona faifan ajiya na waje da kwamfuta ka zaɓi Format, za ka ga ɗan akwati a ƙasa wanda Windows ta riga ta sa wa alama: Quick Format. Yawancinmu ba ma ko kallonsa. Sai mu danna Start, kafin ƙiftawa da bismilla faifan ya fito fanko, mu ɗauka komai ya tafi.

Bai tafi ba. Kowane faifai yana da rajistar da ke nuna sunan kowane fayil da inda yake kwance. Fomat na gaggawa wannan rajistar yake sauyawa da sabuwa, tamkar mai sito ya yaga littafin lissafinsa alhali buhunan na nan jibge a ciki. Hotunan biki, takardun banki, hoton katin shaida, duk suna nan har ranar da sabon abu zai hau kansu. Manhajar kyauta irin su PhotoRec kan tono da yawa daga cikinsu. Shi ya sa wanda ya yi fomat bisa kuskure yake da sauran fata, muddin ya daina zuba komai a faifan nan take.

Idan kuwa ka cire alamar, aikin ya canza. Tun daga Windows Vista, cikakken fomat yana bin ɓangaren da ka zaɓa tun daga farko har ƙarshe yana rubuta sifili a kai, yana kuma ware wuraren da suka lalace don kada a sake ajiya a cikinsu. A zamanin Windows XP duba lalacewar kawai yake yi, ba ya rubuta komai, don haka tsofaffin hannu da dama har yau suke cewa duk ɗaya ne.

Kuɗinsa lokaci ne. A ce faifanka terabait 1 ne, yana rubuta megabait 100 a daƙiƙa ta USB 3.0: daƙiƙa 10,000 ke nan, kusan awa uku. Ta USB 2.0 sai ya cinye yini. A tanadi caji tukuna, domin wuta na iya ɗaukewa ana tsaka da aiki.

Filas da faifan SSD suna da nasu hali. Suna da wurin ajiya na ko-ta-kwana wanda Windows ba ta gani, saboda haka sifilin ba lallai ya kai ko'ina ba. Duk da haka ya fi ƙarfin manhajojin tono na yau da kullum.

In faifan naka ne kuma lafiyarsa ƙalau, na gaggawa ya wadatar. Amma in za ka sayar ko ka bayar, don Allah cire wannan alamar, ka ba shi awanninsa uku kafin ya bar hannunka.