Kafin Ka Tura Imel, Dubi Sunayen da Ke Sama

A watan Satumba na 2021, 'yan makonni bayan Taliban sun karɓe Kabul, wani sashe na Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ya aika imel ga 'yan Afghanistan da suka yi wa Birtaniya aiki, waɗanda ke jiran a kwashe su daga ƙasar. Maimakon a ɓoye adiresoshinsu, sai aka jera su duka a gurbin To. Nan take bayanan mutum 245 suka fito fili, kowa na ganin adireshin kowa, wasu ma har da ɗan hoton da ke jikin akwatin imel ɗinsu. Biyu daga cikinsu suka ba da amsa ta hanyar Reply all, ɗaya har ya faɗi inda yake. Mutanen nan a ɓoye suke, kuma da saƙon ya faɗa hannun da bai dace ba, da rai ake magana. A 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000.

Ba kutse aka yi musu ba, na'ura kuma ba ta lalace ba. Gurbi kawai aka kuskure.

Gurabe uku ne a saman kowane imel. To na wanda ake magana da shi ne, wanda ake jiran ya yi wani abu ko ya ba da amsa. Cc na wanda ake so ya san abin da ake ciki, ba tare da an ɗora masa aiki ba. Duk wanda ke cikin waɗannan biyun, kowa na ganin sunansa. Bcc kuwa yana kai saƙon ne ba tare da sauran sun san ya kai wurin ba. Saboda haka tambaya biyu ce ke raba gardama: wa zai yi aikin, kuma wa ya halatta ya ga adireshin wa?

Ɗauki ofis. Jami'ar sayayya na son a biya ɗan kwangilar da ya kawo kujeru kafin Alhamis. Akanta ne zai biya, don haka shi kaɗai ne a To. Shugaban sashen da ya sa hannu a takardar yana Cc, domin ya san magana ta wuce gaba. Shi ke nan. Idan ta zuba akanta da mataimakinsa da mai binciken kuɗi da magatakarda duka a To, kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ne zai yi, Alhamis ta zo ta wuce ba a biya ba. In dole mutum biyu ne za su yi aiki, to a ambaci kowa da sunansa a cikin saƙon, a faɗi abin da ake so daga gare shi.

Cc ne aka fi cin zarafinsa. Akwai ma'aikacin da ba zai tambayi abokin aikinsa ko da kwanan wata ba sai ya saka oga a Cc. A ganinsa tsare gida yake yi, amma wanda aka aika wa ƙara yake gani an kai shi tun kafin ya yi laifi. Idan ka tambaya, ka sake tunatarwa, aka yi shiru, kuma lokaci na ƙurewa, sannan ne saka oga ke da ma'ana, kuma ya fi kyau ka faɗa a sarari cewa ka saka shi da dalilin da ya sa. Shi ma ogan da ake cika wa akwati da kwafin komai, ba a daɗewa yake daina karantawa, har da ranar da abin ya shafe shi.

Bcc na da aiki guda da babu mai musun sa, wato aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa waɗanda ba su san juna ba. A ce makaranta za ta tunatar da iyaye arba'in da ake bi kuɗin zangon karatu. Ko da babu suna ko ɗaya a cikin wasiƙar, jerin adiresoshin da ke To ya riga ya tona asiri: duk wanda ke ciki, ana bin sa bashi. Yadda ake yi shi ne sakatare ya sa adireshin makarantar a To, ya zuba na iyaye a Bcc. A Gmail gurbin ba ya fitowa da kansa, sai an taɓa kalmar Bcc a gefen layin To, ko ɗan kibiyar da ke wurin idan a waya ne, kuma a nan masu gaggawa ke faɗawa. Idan kuwa maganar ta lafiya ce ko ta wani babban sirri, gara a tura wa kowa nasa daban, don kuskure ɗaya ya isa.

Ɗayan amfanin da ake yi da shi, ni ban yarda da shi ba: ka rubuta wa abokin aiki, ka laɓe da oga a Bcc don ya leƙa. Ban da rashin kyan abin, tarko ne. Wanda ke Bcc yana ganin duk sunayen da ke To da Cc, kuma idan ya latsa Reply all, amsarsa za ta je musu gaba ɗaya. Ogan ya rubuta "na gani", shi ke nan kowa ya gane ka ɓoye shi. In kana son ya gani, aika saƙonka tukuna, sannan ka buɗe Sent ka tura masa kwafi da Forward.

Shi Reply all ba abin gudu ba ne a ko'ina. Mutum huɗu na neman tsayar da lokacin taro, dole kowa ya ji amsar kowa, in ba haka ba zance ya rarrabu. Matsalarsa ita ce ba ya ƙirga. A Nuwamba 2016 wani saƙon gwaji ya kuɓuce zuwa akwatuna wajen 840,000 na ma'aikatan hukumar lafiya ta Ingila. Sai mutane suka shiga amsawa ga kowa, wannan na cewa a cire shi, wancan na cewa a daina amsawa ga kowa, alhali kowace amsa ɗaya saƙo dubu ɗari takwas da ɗoriya ce. Imel ɗin hukumar ya yi ta tafiyar hawainiya ranar. Abin da ke kashe irin wannan wuta shi ne shiru; mai neman a cire shi ya rubuta wa wanda ya aiko kaɗai.

A ƙananan ofisoshi ɓarnar ba ta kai haka, amma ta fi kunya. An nemi kowa ya aiko da lambar asusun bankinsa don biyan alawus, wani ya tura wa mutum sittin. An sanar da ƙarin girma, "ina taya murna" talatin suka biyo baya. Mafi muni, ka ga kuskure a lissafin wani ka gyara masa a gaban kowa, ko ka faɗi farashin da kamfaninku zai iya sauka alhali ɗan kwangilar na nan zaune a Cc tun saƙo na uku, ba ka lura ba. Dogon zance yakan tara baƙi a hanya, shi ya sa ake duba abin da ke bayan alamar @ a kowane adireshi, don a gane na waje. Haka kuma adireshi ɗaya mai kama da na mutum guda yana iya zama na rukunin ma'aikata gaba ɗaya.

Kada kuma a dogara da janye saƙo. Recall na Outlook yana aiki ne a cikin ma'aikata ɗaya kawai, ba ya bin saƙon da ya fita waje. Undo Send na Gmail kuwa jinkirta tafiyar saƙon yake yi, daƙiƙa 5 zuwa 30. Shiga Settings a kwamfuta ka mayar da naka 30, sannan ka saba da rubuta saƙo tukuna, ka cike gurbin sunaye daga ƙarshe.