Jawabin Sakamakon Talla na Wata Uku a Gaban Hukumar Daraktoci

Duk bayan wata uku, shugaban sashen talla na babban kamfani yakan bayyana a gaban hukumar daraktoci domin ya yi bayanin kuɗin da aka kashe a kan talla da abin da suka jawo. Lokacin da ake ba shi gajere ne, kuma galibi an riga an aika wa daraktoci rahoton a rubuce kafin ranar zama. Saboda haka ba karatun rahoto ake so ya yi ba. Ana son ya amsa tambayoyi uku ne: nawa aka kashe idan an gwada da kasafi, me aka samu, kuma wace shawara ake neman hukumar ta yanke.

Sashen farko ba ya ɗaukar lokaci. Mai jawabi yakan faɗi jimillar kuɗin, ya kwatanta cinikin da na irin wannan lokaci a bara maimakon watanni ukun da suka gabata, domin kasuwa tana da lokutanta. Cinikin da ya haɗa da azumi da sallah ba a auna shi da na tsakiyar damina.

Inda aikin yake shi ne wurin faɗin abin da bai yi kyau ba. A ɗauka, alal misali, wani kamfani mai sayar da kaya ta intanet ya kashe naira miliyan 60, kuma miliyan 15 daga ciki sun tafi ne a kan tallar da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan kamfanin a Google. Rahoton dandalin ya nuna tallar ta jawo cinikin miliyan 120, wato kowace naira ta dawo da takwas. Matsalar ita ce dandalin yana lissafa wa kansa duk wanda ya danna tallar sannan ya yi sayayya, alhali wanda ya rubuta sunan kamfani da hannunsa dama can yana hanyar shiga. Tamkar mai raba takardar talla ne a bakin ƙofar shago, yana miƙa wa masu shigowa, da yamma kuma ya ce shi ya kawo su.

Hanyar ganewa ita ce gwaji. Sai a dakatar da tallar a wasu garuruwa na tsawon makonni huɗu, a bar ta a wasu masu kama da su, sannan a kwatanta ciniki. Idan gwajin ya nuna kashi ɗaya cikin goma ne kawai na cinikin ya ɓace, to ainihin abin da tallar ta ƙara miliyan 12 ne. Idan kuma ribar kamfanin a kan kaya kashi 30 cikin ɗari ce, an kashe miliyan 15 an samu miliyan 3.6, hasarar miliyan 11.4 ke nan. Irin wannan ya taɓa faruwa. A shekarar 2012 kamfanin eBay na Amurka ya dakatar da tallar sunansa a shafukan binciken Yahoo da MSN, kuma masana tattalin arzikin da suka nazarci sakamakon, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, sun gano kusan duk masu shigowa ta tallar sun ci gaba da shigowa ta sakamakon binciken da ba a biya.

Wurin da ya dace da wannan labari shi ne kusa da farkon jawabi, da zarar an gama faɗin jimilla. Daraktan kuɗi yakan gano abin da aka tura shafi na ƙarshe, kuma daga nan zai fara shakkar sauran alƙaluman, har masu kyaun. Ana faɗinsa ne da adadi, a bayyana yadda aka gano, kuma a amince cewa rahotannin baya da hukumar ta karɓa suna ɗauke da kuskuren. Ɗora laifi a kan kamfanin dillancin talla ba ya yin tasiri, tunda sashen ne ya amince da ma'aunin.

Gwajin ma yana da iyaka, kuma gara mai jawabi ya faɗa kafin a tambaye shi. Makonni huɗu ba sa nuna abin da zai faru a shekara. Ƙaramin kamfani ba eBay ba ne: idan ya janye, abokin gasa yana iya sayen gurbin, tallarsa ta riƙa fitowa a saman sunan kamfanin. Don haka buƙatar da ake gabatarwa a ƙarshe takan zama mai iyaka, misali a dakatar da tallar a yawancin garuruwa, a bar ta inda abokan gasa ke neman gurbin, a karkatar da wani ɓangare na kuɗin zuwa tallar da ke neman sababbin masu saye, sannan a dawo da sakamakon gwaji na biyu a zaman hukumar na gaba.