Fowil Ko Mai Jan Taya Biyu: Wacce Ta Dace Da Hanyar Ƙauye?

Duk wanda ya je sayen mota ya ce hanyar garinsu ba kwalta, abin da dillali zai fara nuna masa shi ne fowil, wato motar da injinta ke juya tayoyi huɗu. Kuɗinta ya fi na 'yar'uwarta mai jan taya biyu, kuma dillali ba zai tambayi wace irin ƙasa ce a hanyar ba. Alhali a nan maganar take.

Hanyar burji da aka zuba wa jar ƙasa aka daddaɓe ba ta buƙatar fowil. Abin da ke kashe mota a kanta gargada ce, da ramuka, da tudun da ke tasowa a tsakiya bayan manyan motoci sun zurma gefe da gefe. Wannan tudu ne ke fasa kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, ya tsinke salansa. Maganinsa tsayin mota daga ƙasa. Ƙaramar mota irin Corolla tazararta wajen santimita 15 ce, Hilux kuwa ta fi ta tsayi, ko da mai jan taya biyu ce. Fijo 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, tayoyin baya kawai take ja, amma ta ratsa ƙauyukan Arewa da kaya niƙi-niƙi, har ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975.

Lissafi yana canzawa idan ƙasa ta yi laushi. A rairayin Yusufari da Machina, ko hanyar Agadas zuwa Dirku, tayoyi biyu sai su yi ta haƙa rami har cikin mota ya zauna. Haka baƙar lakar firgi ta yankin Dikwa da damina, da hawa mai santsi a tsaunin Mambila. A irin waɗannan wurare raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu shi ke fitar da mota.

Sai dai fowil suna ne da ya tara iri biyu. Akwai irin na Hilux, mai ƙaramar giya ko maɓalli da aka rubuta wa 2H, 4H da 4L. A 2H ake tafiyar yau da kullum, 4H na yashi da santsi ne, 4L kuma ƙarfi ne mai yawa da tafiyar hawainiya, don fita daga taɓo ko hawan dutse. Wanda ya bar irin wannan mota a 4H a kan busasshiyar kwalta zai ji sitiyari ya yi tauri a kwana, tayoyi suna gurzar ƙasa, ƙarshenta akwatin da ke raba ƙarfi ya lalace. Iri na biyu shi ne na RAV4 da CR-V masu alamar AWD, waɗanda ke tura ƙarfi baya da kansu idan tayar gaba ta zame. Suna taimakawa a santsi, amma ba su da 4L, kuma doguwar tafiya a zurfin yashi tana wahalar da su.

Ƙarin kuɗin bai tsaya ranar saye ba. Fowil ta fi nauyi, tana da ƙarin ƙarafan da ke juyawa, don haka ta fi shan mai. A ɗauki misalin malamin da ke tafiyar kilomita 20,000 a shekara. Idan mai taya biyu tana shan lita 10 a kilomita 100, fowil kuma 11, ya ƙara lita 200 ke nan a shekara, a zamanin da aka cire tallafin mai tun 2023. Ga man akwatin raba ƙarfi da na aksil na gaba da za a riƙa sauyawa. Mai AWD kuma tana son tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cinyewa ɗaya, don haka al'adar sayen taya ɗaya 'yar Kwatano a haɗa da tsofaffi uku tana iya jawo gyara mai tsada.

Idan hanyar malamin burji ce da ke ɓaci na 'yan makonni a watan Agusta, kuɗin nan ya fi amfani a tayoyi masu kauri da manyan zane, da shokozoba mai kyau. Idan kuwa kullum sai ya tsallaka fadama ko rafi mai yashi kafin ya isa makaranta, kuɗin masu turi da ranakun aikin da zai rasa sun isa hujjar sayen fowil.

Direbobin sahara suna da dabarar da ke aiki ga kowace mota: rage iskar taya daga 32 zuwa wajen 20 kafin shiga yashi, don ta baje ta daina nutsewa, sannan a mayar da iskar da an hau ƙasa mai tauri. Akori-kura mai jan baya kuma, idan babu kaya, bayanta ba nauyi, buhu biyu ko uku a kan tayoyin baya suna rage mata kafewa. Fowil dai ba ta ƙara wa birki komai, a santsi duk tsayuwarsu ɗaya.

Mai sayen ta hannu ya sa bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba. Ana samun masu AWD da aka cire musu farfelar da ke kai ƙarfi baya bayan ta lalace, motar tana tafiya da tayoyin gaba kawai, alamar kuma tana nan manne a but, ana karɓar kuɗin fowil.